Mafarkin kogin da na kai gidan suna

Shekarun baya, lokacin ban fi shekara uku da fara iya karanta saƙo a waya da kaina ba, bakina ya yi wata ɓarna da har yau in na tuna sai na rufe fuska. Duk wanda ya san ni a Kibiya ya san ba na tauna magana. Sai da na haifi shida sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, na zauna kan benci ɗaya da sa'o'in ƙannena, malama tana riƙe min hannu ina jan baƙi kamar mai sassabe. Tun daga nan duk wanda ya taɓa maganar karatun mace, to ni ya taɓo.

Yarinyar da zan ba ku labarinta 'yar farina ce. Kun san yadda muke da ɗan fari: ba na kiran sunanta, ba na yabonta a gaban mutane, in ana zancenta sai in kau da kai kamar ban ji ba. Ranar da aka yaye ta surukata ta goya ta zuwa Fammar, a can ta tashi, a ɗakin tsohuwar take kwana har ta gama firamare. Tsohuwar take kira Inna, ni kuwa Yaya take ce min har gobe. Sai da ta shiga sakandare ta dawo gidanmu. Ta yi jami'a, ta karanci ilimin ƙasar noma, ta fito da sakamakon da malamanta suka ce ba kullum ake samun irinsa ba, ta yi bautar ƙasa, ta dawo gida tana koyarwa a wata makarantar kuɗi a Rano.

Ashe tun tana bautar ƙasa wani malaminsu ya sa ta nemi tallafin digiri na biyu a wata jami'a a Malesiya. Ta tura sakamakonta da wasiƙun malamai biyu da suka shaide ta, ta rubuta bayanin binciken da take son yi a kan ƙasar da ta gaji da taki. Suka yi mata tambayoyi ta bidiyo. A wani shagon kwamfuta a Rano ta yi, ta roƙi mai shagon ya kashe rediyo na rabin awa. Duk wannan ba wanda ya sani a gidan, don ita kanta ba ta sa rai ba.

Da amsa ta zo, sai ta yi shiru da ita kwana uku. Na ga dai ba ta cin abinci sosai, na ɗauka zazzaɓi ne. Ran na huɗu da safe ina tankaɗen garin masara a tsakar gida, ta zo ta tsuguna kusa da ni, ta ce, "Yaya, zan gaya miki wata magana, amma ki riƙe ta."

Na ce, "Yaushe na taɓa sakin magana?"

Ta dube ni. Ni ma na san amsar, sai na ci gaba da tankaɗe.

Ta ciro takarda shafi uku ta karanta min tana mayarwa da Hausa. Sun ɗauke ta shekara biyu. Kuɗin makaranta a kansu, ɗaki a masaukin ɗalibai mata, kuɗin abinci duk wata, kula da lafiya, da tikitin zuwa da na dawowa. Sharuɗɗa kuma: in sakamakonta ya sauko ƙasa da abin da suka gindaya, tallafin ya tsaya, duk ƙarshen zango malamin da ke duba ta zai rubuta rahoto, ba za ta kama wani aiki ba. Sun ba ta kwana goma sha huɗu ta sa hannu ta mayar, in ba haka ba gurbin ya koma kan na bayanta a jeri. A shafin ƙarshe akwai layi biyu, ɗaya nata, ɗaya na wanda zai tsaya mata, wato ubanta.

Na ce, "To me kike jira kwana uku?"

Ta ce tsoro take ji. Ba ta taɓa wuce Kaduna ba. Inna ta tsufa. Kuma ta san abin da za a ce, budurwa ba aure ta tsallaka ƙasar waje. Ta ce ta yi istihara, raka'a biyu da addu'ar, tana maimaitawa, zuciyarta ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Sai jiya ta yi mafarki.

"Na gan ni a bakin wani kogi, Yaya. Faɗinsa ya wuce duk ruwan da na taɓa gani, da ƙyar nake hango bishiyoyin ɗaya gefen. Ruwan garau, ina ganin tsakuwa a ƙasa. Ba kwalekwale, ba kowa. Na cire takalmina na ɗora a ka na shiga. Ya kawo min gwiwa, ya kawo min ƙugu, ya tsaya a nan. Ina ta tafiya, ban ji tsoro ba ko kaɗan. Ban kai gaci ba na farka. Amma tun da na farka abin da ya tokare min ƙirji ya tafi. Zan karɓa."

Wallahi rariyar ta faɗi daga hannuna. Ni da aka cire daga makarantar allo ma ban kai ko'ina ba, ga abin da na haifa za ta hau jirgi don an ga ƙwaƙwalwarta. Ta ce in bari ranar Juma'a ta je Fammar ta gaya wa Inna da bakinta, sannan Inna ta kira ubanta, a bi abin a tsare. Na ce na ji.

Washegari Laraba aka yi sunan jikar wata ƙawata a Rano. Ana zaune ana tsinke zogale, wata mata ta fara ba da labarin ɗanta da ya samu aikin gadi a Abuja, tana ta fankama kamar shi ya gina garin. Na daure, na daure. Sai wata ta juyo ta ce min, "Ke kuwa taku har yanzu tana gida? Boko dai, boko dai, ga ƙannenta ana ta kaiwa ɗaki."

Jama'a, a nan na ɓalle. Na ce tana gida tana jiran jirgi. Na zazzage komai, har da kuɗin abincin wata. Da na ga sun yi tsit, daɗi ya ɗebe ni, na ƙara da mafarkin, don su san abin daga Allah ne. Kogin, takalmin, ruwan da ya tsaya a ƙugu, ban rage ko ɗaya ba.

Wata dattijuwa ta ajiye zogalen hannunta. Ta ce, "Budurwa ta yi mafarkin ruwa, ta shiga, kuma ba ta ji tsoro ba? Ke kuma kina murna?" Wata ta ce ai mutanen ɓoye ne, haka suke yi, su ne ma suke korar masu neman aure. Wata ta ce 'yar maƙwabciyarta da haka ta fara. Kafin a raba waina, kogin ya zama baƙi, an ƙara masa wani mutum mai farin kaya yana kiran ta daga tsallake. Kuma a cikin matan nan akwai uku 'yan Fammar.

Ranar Alhamis da hantsi maigidan ya dawo daga wurin mahaifiyarsa, ko babur bai gama kafewa ba ya ce a kira masa yarinyar. Ya ajiye ƙullin hayaƙi da galan ɗin rubutu a gabanta. Ya ce Inna ta ce ba inda za ta, a fara neman magani tukuna. Ya ce shi kuma ba zai sa hannu a takardar da uwarsa ta ce a'a ba, ko da ta zinare ce.

Da mai hankali ce ni, da na yi shiru. Sai na miƙe na ce wannan ai jahilci ne tsagwaronsa, mutanen da ba su san alif ba su ne za su yanke wa mai digiri hukunci da zancen aljanu. Ya ce, "Uwar tawa ce jahila?" Na ce ni ban kira suna ba. Ya ce ba sai na kira ba. Ya fita. Kwana biyu ko gaisuwata ba ya amsawa sai da ka.

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Rubutun ta shanye, ta ce ayoyin Allah ne, ba abin da za su yi mata sai alheri. Kullum ta dawo daga makaranta sai ta zauna ta jera takardunta a kan tabarma tana dubawa. A nan ta gano wata matsalar: takardunta na makaranta duk da sunan garinmu suka ƙare, yadda hedimasta ya rubuta mata tun firamare, katin ɗan ƙasa kuma da sunan kakanta. Ta ce in ba a daidaita ba, fasfo zai fito da suna ɗaya, takardar jami'a da wani, a ofishin biza a dawo da ita. Ta je kotu ta yi rantsuwa cewa duk ita ce, ta kai aka buga a jarida. Ta rubuta wa jami'ar cewa fasfonta bai fito ba, ko za su karɓi sa hannun yanzu, shafin fasfo ya biyo baya. Suka ce sun yarda, amma ranar sa hannu ba ta motsi.

Na ce mata, "Kina ta wahala, uban naki ya ce ba zai sa ba."

Ta ce, "Na ce zan karɓa, Yaya. Ranar da zai sa, ba na so a ce wani abu ne bai kammala ba."

Na ce ko in sa mata hannun ni, ai yanzu na iya. Ta ce ko sun karɓa ita ba za ta tafi a kan haka ba.

Saura kwana biyar wa'adin sa hannun ya cika na tafi wurin malamarmu ta Islamiyya, wata dattijuwa da ta yi karatu mai zurfi a gidan mahaifinta. Na tafi ne in samo hujjar da zan buga wa mutanen Fammar. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce mafarki ba ya halatta abu, ba ya haramta shi. Istihara ma ba dole sai an yi mafarki ba. Ka yi sallarka, ka yi shawara, ka nufi abin, in alheri ne Allah ya sauƙaƙa. Ta ce ruwa garau a wurin masu fassara ba abin tsoro ba ne, amma ita ba za ta rantse a kan fassarar kowa ba. Ina ta gyaɗa kai ina jin daɗi. Sai ta ce, "Amma ke wa ya aike ki? Mafarki mai kyau masoyi ake gaya wa ko masani. Yarinya ta zaɓe ki, ke kuma kika kai shi gidan suna."

Na ce, "Malama, tsokana ta aka yi."

Ta ce, "To kin rama. Ga abin da ramuwar ta saya miki."

Na dawo gida jikina a sanyaye, na gaya wa yarinyar yadda muka yi. Ta ce, "Yaya, kin ɗauka Inna tsoron aljanu take? Shekara goma ina kwana a bayanta. Ba mafarkin da ban gaya mata ba, na maciji, na rijiya, dariya take yi ta ce in juya kwanciya. Inna a bakin matan unguwa ta ji zan bar ƙasar. Kuma aka ce mata ke kika tsaya a tsakiyar taro kina cewa 'yarki."

Ban taɓa kallon abin ta nan ba. Ni ina can ina yaƙi da jahilci, ashe abin da na yi shi ne na ƙwace wa tsohuwa 'yar da ta raina, a gaban jama'a, na kuma yar da kunyar ɗan fari da ake ganin mutuncina da ita.

Da safe muka hau babur ɗin haya zuwa Fammar. Muka tarar da Inna a gindin ɗorawar ƙofar gida tana ɓarar gyaɗa. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa har ƙasa. Rabon da in yi irin wannan durƙuson tun ina amarya, gwiwoyina har ƙara suka yi.

Ta ce, "A'a, malamai ne a gidan namu? Ku tashi kar jahilci ya shafe ku."

Ashe maganar ta iso. Na ce, "Inna, na yi laifi. Yarinya taki ce. Ke ya kamata ki fara ji, ita ma haka ta tsara, ni na riga ta. Kuma abin da na faɗa a gida, bakina ne ya fi hankalina gudu. Ki yafe min."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta kamar da bishiyar nake. Can ta ce, "Da can kin san tawa ce?" Na ce na sani. Ta ce, "Da aka yaye ta tana kuka kwana bakwai, ke kika yi jijjiga?" Na ce a'a. Ta ce, "Da ƙyanda ta kama ta?" Na ce ke ce. Sai da ta bi da ni shekara goma ɗaya bayan ɗaya ina amsawa, ban ɗago ba. Ni da ko maigidan ba ya kai ƙarshen magana ban tare shi ba.

Sannan ta juya kan yarinyar. "Ke kuma munafuka, zo nan. Gaya min mafarkin da bakinki, ban da na 'yan suna."

Yarinyar ta matsa har gwiwarsu ta haɗu, ta faɗa mata kamar yadda ta faɗa min. Inna ta ce, "Ba mai farin kaya?" Ta ce babu. "Ruwan ba baƙi ba?" Ta ce garau. Inna ta yi tsaki ta ce matan nan Allah ya shirye su. Sai ta shiga tambaya, kuma wallahi tambayoyinta sun fi nawa hankali. A ina za ta kwana, da su wa? Akwai masallaci? Naman da za ta ci wa ya yanka? Wa zai raka ta, ko ita kaɗai za a saka a jirgi kamar kaya? Yarinyar ta nuna mata hoton masaukin mata a waya, ta ce yawancin mutanen ƙasar Musulmi ne, kuma akwai wata malamar jami'arsu, matar aure, da za ta koma can ƙarasa karatunta a wannan zangon, tare za su tafi. Inna ta ce a kawo mata matar ta gan ta da idonta.

Daga nan ta ce, "Shekara biyu. Kina ganin zan kai?"

Yarinyar ta ce, "Ban sani ba, Inna. Shi ya hana ni barci kwana uku. Amma ina so in je. In kin ce kar in je ba zan je ba, sai dai ba zan ce miki ba na so ba."

Inna ta ajiye gyaɗar hannunta. Ta ce, "Taurin kan nan ba a ɗakina kika samo shi ba," ta harare ni. Sannan ta ce a kira mata ɗanta a waya. Da ya ɗauka ba ta ko amsa gaisuwarsa ba, ta ce, "Ka zo ka sa wa yarinyar nan hannu. A nan gabana za ka sa, ba a gidan 'yan boko ba."

Ya zo bayan azahar. A kan faifan gyaɗar Inna aka ɗora takardar, ya rubuta sunansa da ajami, ya tambaya ko za su karɓi haka, yarinyar ta ce sa hannu ne, kowane iri ne nasa ne. Muka wuce Rano kai tsaye, aka ɗauki hoton shafukan a shagon kwamfuta aka tura. Muna tsaye amsa ta shigo cewa sun karɓa. Saura kwana huɗu wa'adin ya cika.

Abin da ya biyo baya wata huɗu ne na zirga-zirga. Kano ɗaukar hoton fasfo da yatsu, a koma karɓowa. Jami'ar da ta gama ta aika can da cikakken sakamako kai tsaye, da wasiƙar cewa da Turanci aka koyar da ita. Gwajin jini da hoton ƙirji, allurar shawara da katinta. Sai jiran takardar amincewa daga hukumar shige da ficen can, wadda sai da ita ake zuwa ofishin jakadancinsu a Abuja a buga biza. Ubanta da ya ce ba zai sa hannu ba, shi ya sayar da buhunan gyaɗarsa ya raka ta Abuja, ya dawo yana ba mutane labari a majalisa kamar shi ya ƙirƙiro tafiyar. Malamar jami'ar nan da za su tafi tare ma ta zo har Fammar, Inna ta yi mata tambayoyi kamar mai neman aure, ta sallame ta da kwaryar daddawa.

Ranar tafiya ban je filin jirgi ba. Uwar ɗan fari ba ta rakiya tana sharɓe hawaye a gaban mutane. Inna ce ta je, a gaban mota. Ni na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi nawa.

Ta yi shekara biyunta ta dawo, ta tarar da Inna da ranta, har tana ce mata ta rame. Yanzu tana koyarwa, tana kuma yawo gonakin mutane da 'yan robobi tana ɗibar ƙasa. A tsawon shekara biyun nan, duk ƙarshen zango in ta kira ta ce sakamako ya fito, sai in ce ta dakata. In hau babur in kai wayar Fammar, Inna ta fara ji, sannan ni in ji a bakin Inna, ko da ta juya lambobin.

Har yau ina nan a kan bakana: yarinyar da Allah ya ba ƙwaƙwalwa a bar ta ta je inda ƙwaƙwalwar za ta kai ta, kuma duk wanda ya ce a'a zai ji daga gare ni. Abin da na ƙaru da shi kawai shi ne, 'yan baƙaƙen da na koya da girma sun sa na fara yi wa mutane kallon ba su san komai ba, har na kusa jawo wa yarinya asarar abin da ta sha wahalarsa ita kaɗai. Ita da ta fi ni karatu nesa ba kusa ba, ita ta san ƙofar da ake fara ƙwanƙwasawa.

Ƙanwarta ta uku yanzu tana shekarar ƙarshe a jami'a, na ga ta fara tara takardu a leda tana ɓoyewa. Ban tambaye ta ba tukuna. Amma ita wannan ba 'yar fari ba ce, ni na yaye ta, ni na yi jijjigar. Ranar da tata takardar ta zo, Inna za ta fara ji don girmanta, daga nan kuma matan gidan suna su shirya kunnuwansu.